Yadda ake farfaɗo da maganar kwastoman da ya yi shiru wata da watanni bayan ka tura masa takardar tayi, ba tare da ka ɗora masa laifi ba

Ka zauna da mutum, ya faɗa maka matsalarsa, ka koma ka rubuta masa takardar tayi da tsarin aiki da farashi da komai, ya ce ya gani zai duba, daga nan kuma sai ɗif. Wata ɗaya, wata uku, har wata shida. To abin da nake so ka fara riƙewa kafin ka taɓa waya shi ne, a yawancin lokuta mutumin nan bai manta da kai ba, ya san sarai yana da bashin amsa a kansa, kuma duk watan da ya ƙaru nauyin nan ƙara masa kunya yake yi. Shi ya sa ko ya ga sunanka sai ya ce bari zuwa anjima, anjiman kuma ba ta zuwa. Aikinka gaba ɗaya shi ne ka sauke masa wannan nauyin, ka ba shi hanyar da zai amsa ba sai ya fara da ba da haƙuri ba.

Zan bi da kai ta misali guda ɗaya har ƙarshe don abin ya fito fili. A ɗauka kana haɗa manhajar lissafin kaya, a watan Maris ka tura tayi ga wata Hajiya, manajar ayyuka a wani kamfanin rarraba kaya mai sito uku. Tayin ya ce za a ɗora sito ukun duka a kan tsari ɗaya cikin sati 12. Ka tuntuɓe ta sau biyu a Afrilu ba amsa, yanzu ga shi an shiga Satumba.

Mataki na farko: koma baya ka karanta abin da ya faru

Kar ka rubuta komai tukuna. Buɗe tsohuwar hirarku, imel ne ko WhatsApp, ka karanta tun daga farko, sannan ka ɗauko abin da ka rubuta a lokacin mitin. Abu uku kake nema. Matsalar da ta faɗa da bakinta, da irin kalmomin da ta yi amfani da su. Maganarta ta ƙarshe kafin shirun. Sai kuma wanda zai sa hannu a kan kuɗin, ita ce ko wani ne a samanta.

A misalinmu, a takardar mitin ka rubuta cewa ta ce ƙirgar ƙarshen wata tana cin su kwana huɗu kuma duk da haka lissafin sito da na ofis ba sa haɗuwa. Saƙonta na ƙarshe kuma cewa ta yi za ta nuna wa mai kamfanin. Ka ga wannan jimlar kaɗai ta canza komai, don tana nuna maganar ba a hannunta ta tsaya ba, a teburin oga ta maƙale, kuma wataƙila ita kanta ba ta da amsar da za ta ba ka ne shi ya sa ta yi shiru. Mutum ba ya son ya rubuta wa wani na waje cewa ogana bai kula ni ba.

Shiru irin wannan yawanci daga wurare kaɗan yake fitowa, kuma maganar ƙarshe tana nuna maka wanne ne. In an tsaya a kan “za mu duba kasafin kuɗi”, to kuɗi ne ko lokacin kasafi. In an tsaya a kan “zan nuna wa wane”, to mai yanke hukunci ne. In sun yi ta tambayoyi masu zurfi sannan suka ɓace lokaci guda bayan sun ga farashi, ko dai ya fi ƙarfinsu ko sun ba wani aikin suna jin nauyin faɗa maka. In kuma tun farko ba su nuna wata gaggawa ba, to wani abu ne ya taso ya danne naka. Ba za ka tabbatar ba sai sun faɗa, amma hasashen zai taimaka maka ka zaɓi abin da za ka rubuta.

Mataki na biyu: tabbatar mutumin yana nan, kuma ka ga me ya canza

Wata shida lokaci ne mai tsawo a wurin aiki, mutane suna canza kujera, suna barin kamfani, wasu su tafi dogon hutu. Duba shafinta na LinkedIn in tana da shi, duba shafin kamfanin, duba ko imel ɗinka na ƙarshe ya dawo maka da saƙon cewa adireshin ba ya aiki, don irin wannan saƙon yakan faɗa cikin Spam ba ka gani ba. In ta bar wurin, kana da hanya biyu yanzu: wanda ya gaje ta, wanda bai san ka ba kuma babu wata kunya tsakaninku, da ita kanta a sabon wurin aikinta.

Sannan ka nemi abin da ya canza a wajensu wanda kowa zai iya gani a fili. A misalinmu ka ga kamfanin ya sa sanarwar neman ma'aikacin sito saboda sun buɗe sito na huɗu. Wannan shi ne dalilinka na rubutu. Wanda ƙirgar sito uku take ci masa kwana huɗu, in ya ƙara na huɗu matsalar ƙaruwa za ta yi. Amma ka tsaya a kan abin da suka wallafa da kansu game da aiki, kar ka je ka tono harkar gidan mutum ko hotunan iyalinsa ka sa a saƙo, wannan tsoratarwa yake yi.

Wani abu a gefe: in kana amfani da manhajar da ke nuna maka an buɗe imel, kar ka gina hukunci a kanta. Tun 2021 Apple ya kawo Mail Privacy Protection, wanda ke loda hotunan cikin imel ko da mutum bai karanta ba, sai manhajarka ta nuna an buɗe alhali ba wanda ya duba. Alamar shuɗi ta WhatsApp ma ana iya kashe ta, kuma ko ta fito tana iya zama mutum ya taɓa saƙon ne yana tsakiyar wani aiki. Ko da ka tabbata an karanta, kar ka taɓa cewa “na ga kin buɗe saƙona”. Babu jimlar da ke kashe magana da sauri kamar wannan.

Mataki na uku: gyara tayin kafin ka sake magana

Nan ne mutane da yawa suke tsallakewa. Tsohuwar takardar nan ta riga ta tsufa. Yawancin takardun tayi suna da wa'adi, sau da yawa kwana 30, to duba taka ka ga me ka rubuta. Farashinka ya canza? Lokacin da za ka iya fara aiki ya canza? Yanke wannan shawarar yanzu kai kaɗai, kar sai ta amsa ka fara kame-kame. In farashi ya tashi za ka faɗa mata a fili lokacin da aka zo maganar, in kuma za ka iya riƙe tsohon to ka san har zuwa yaushe.

Abu mafi amfani da za ka iya yi shi ne ka yanko ƙaramin sashe daga cikin babban aikin. Tunda maganar ta tsaya a wajen mai kamfani, mai yiwuwa girman aikin ne ya sa ya ja baya, sito uku lokaci guda, sati 12, ma'aikata duka sai an koya musu. To ka shirya zaɓi na biyu: sito ɗaya kawai, sati 4, a yi ƙirgar ƙarshen wata guda ɗaya da sabon tsarin a ga kwana nawa ta ci, daga nan su yanke shawara a kan sauran. Wannan abu ne da Hajiya za ta iya ɗauka ta shiga ofishin oga da shi ba tare da fargaba ba.

Ni ban goyi bayan ka fara da ragin farashi ba. Ba ka ma san ko kuɗi ne matsalar ba, kuma in ka rage ba a tambaye ka ba, abin da ka koya musu shi ne farashin farko akwai ƙari a ciki kuma duk wanda ya yi shiru za a rage masa. Rage girman aikin, kuɗin zai ragu da kansa, darajar aikinka kuma tana nan.

Mataki na huɗu: rubuta saƙon

Ga irin saƙon da yawancinmu hannu yake fara kaiwa gare shi: “Salam Hajiya, tun watan Maris na turo takarda har yanzu ban ji daga gare ki ba, na kuma tuntuɓa sau biyu shiru, ina fatan dai lafiya, don Allah a duba a ba ni amsa don na ɓata lokaci sosai wajen shirya ta.” Duk abin da ke ciki gaskiya ne, amma ka karanta shi da idon wadda aka tura wa. Lissafin laifinta ne aka jero mata, da watan, da adadin tuntuɓa, da wahalar da aka sha dominta. Kafin ta amsa dole ta fara da dogon ban haƙuri da bayani, kuma mutumin da aiki ya yi wa yawa zai ajiye irin wannan amsar zuwa gobe, goben da ta riga ta zama wata shida.

Saboda haka akwai kalmomin da za ka cire gaba ɗaya: “har yanzu”, “ban ji daga gare ki ba”, “kamar yadda na faɗa a baya”, “ko na yi wani laifi ne”, “ina ta jira”. Har da “tunatarwa ce kawai”, don tunatarwa tana nufin akwai abin da ta kasa yi. Kai ma kar ka cika ban haƙuri, irin su yi haƙuri na dame ki, a gafarce ni na sake damunki, yana sa ta ji dole ta rarrashe ka, wani aikin ne ka ƙara mata.

Ga yadda zan rubuta shi:

“Salam Hajiya, barka da aiki. Na ga sanarwar cewa kun buɗe sito na huɗu, Allah ya sanya alheri. Sai na tuna maganar da muka yi a kan ƙirgar ƙarshen wata da take cin kwana huɗu. Na sake duba tsarin da na kawo muku, na ga za a iya farawa da sito ɗaya kawai cikin sati 4, a gwada a ƙirga ɗaya kafin a taɓa sauran. Maganar ƙirgar tana nan a cikin abubuwan da kuke son gyarawa bana, ko an ajiye ta zuwa gaba? Duk wadda ta kasance ba komai, kalma ɗaya ma ta wadatar.”

Duba abin da ke ciki. Ya fara da su, da wani abu mai daɗi da ya same su. Ya dawo da matsalar da kalmominta, kwana huɗun nan ita ta faɗe shi. Ya kawo abin da babu shi a watan Maris, wato zaɓin sito ɗaya. Tambaya ɗaya ce tal a ciki, kuma tambayar a kan matsalarsu take, ba a kan takardarka ba. Sannan an buɗe mata ƙofar cewa a'a ba tare da ta ji ta ci mutuncin kowa ba. Shirun wata shida kuma ko ambatonsa ba a yi ba, kamar jiya kuka rabu.

Jimlar ƙarshen nan ta “duk wadda ta kasance ba komai”, sai ka tabbata da gaske kake kafin ka rubuta ta. In ta ce an ajiye sannan ka dawo da magiya, ka ƙaryata kanka.

Kar ka maƙala tsohuwar takardar a wannan saƙon, kar kuma ka nemi mitin na awa ɗaya. Fayil mai shafi goma aiki ne, mitin ma aiki ne, kai kuma amsa kawai kake nema yanzu. Saƙon ya zama wanda za a karanta a waya ba sai an ja allo ƙasa sosai ba.

In ba ka samu wani sabon labari a wajensu ba fa? Sai ka kawo sabon abu daga wajenka, amma na gaske. Ka gama irin wannan aikin a wani wuri ka koyi wani abu da ya shafe su, ko ka ƙara wani abu a manhajar da ya amsa tambayar da ta yi a mitin, ko lokacin shirya kasafin sabuwar shekara ya kusa kana so ka san ko a sabunta lissafin. Kar ka ƙirƙiri gaggawar ƙarya irin ta saura gurbi ɗaya ko farashi zai tashi jibi alhali ba haka ba ne, masu sayen aiki sun saba jin wannan kuma suna ganewa.

Ta ina za ka tura, kuma yaushe

Bi hanyar da ta fi amsa maka a da. In a imel kuka yi ta magana, ni na fi son ka amsa a cikin tsohuwar hirar idan abin da ke ƙasa maganganu ne masu kyau, don ta ga tarihin ba sai ta nema ba. Amma idan abin da ke ƙasan saƙonninka ne guda biyu uku a jere ba amsa, buɗe sabon imel da sabon take, kar ta buɗe ta fara cin karo da shaidar shirunta. A misalinmu akwai tuntuɓar Afrilu guda biyu a ƙasa, don haka sabon imel za a buɗe, take kuma gajere kamar “Ƙirgar ƙarshen wata da sabon sito”. Kar ka sa Re: a gaban take don ya yi kama da amsa alhali sabon saƙo ne, yaudara ce ƙarama amma ana lura da ita.

Lokaci kuma, yi tunanin yadda aikinta yake. Wadda ƙarshen wata yake cinye mata kwana huɗu ba a tura mata saƙo ranar 29 ga wata. Bari sai sati na biyu, ranar aiki, da safe. Gmail yana da Schedule send in kana so ka rubuta da dare ya tafi da safe. Kuma hanya ɗaya a lokaci ɗaya, ba imel da WhatsApp da kira duk a rana guda ba.

Mataki na biyar: in an sake yin shiru

Zai iya faruwa, kar ranka ya ɓaci. Ba da kamar sati ɗaya zuwa kwana goma, sai ka sake taɓawa ta wata hanyar dabam, gajere fiye da na farko, kuma da wani abu mai amfani a hannu. Misali ka tura mata shafi ɗaya da ke bayanin gwajin sito ɗayan, ka ce “ga shi a taƙaice ko da za a so nuna wa mai kamfanin, in kuma akwai wanda ya fi dacewa in yi magana da shi a kan wannan sai ki nuna min”. Ka lura izini ka nema. Kar ka tsallake ta ka tafi wajen oga kai tsaye ba da saninta ba, don ko ka samu aikin da ita za ka yi shi kullum, kuma ba za ta manta ka zagaye ta ba.

In wannan ma shiru, bayan sati biyu sai saƙo na uku, na rufewa. A nan ne ɗora laifi yake sake shigowa ta bayan gida, irin “tunda ba ku da buƙata zan rufe fayil ɗinku”, wanda fushi ne aka sa masa rigar ladabi. Rubuta shi haka: “Salam Hajiya, na fahimci wannan ba lokacinsa ba ne, zan dakata daga nan. Duk ranar da maganar ƙirgar ta taso, wannan lambar tana nan, sai mu sabunta lissafin mu ci gaba. Allah ya taimaka.” Sannan ka dakata da gaske. Saƙo uku cikin kamar wata ɗaya ya isa. Rubuta a littafinka ko a CRM ɗinka, wato manhajar ajiye bayanan kwastomomi, ranar da ka tura da abin da ka faɗa, ka sa wa kanka tuni bayan wata huɗu zuwa shida, ko lokacin da wani sabon abu na gaske ya faru a wajensu. In kuwa ta ce kar a sake tuntuɓarta, cire ta daga jerin gaba ɗaya, har da saƙonnin talla da manhaja ke turawa da kanta.

In ta amsa

Sau da yawa amsar za ta fara da “wallahi yi haƙuri, abubuwa ne suka yi yawa”. Wuce wurin da sauri, “haba ba komai Hajiya” ya isa, ka shiga maganar aiki. Kar ka ce ai na ɗauka kin manta da mu, ko da wasa, don ka dawo da nauyin da ka sha wahala ka sauke.

In ta ce maganar tana nan, kar ka ɗauka a watan Maris kuke. Nemi kira na minti 15 ka yi tambayoyi kamar sabon kwastoma: me ya canza tun lokacin, sito na huɗun yana cikin lissafi, wa zai sa hannu, me ya tsayar da maganar wancan karon. Tambayar ƙarshen nan yanzu za ka iya yinta tunda ita ta buɗe ƙofa, kuma ka yi ta a kan aikin, wato “me ya kamata mu gyara a tsarin don ya wuce wannan karon”. Daga nan sai sabuwar takarda mai sabon kwanan wata da sabon wa'adi, kuma kafin ku ajiye waya ku tsayar da ranar da za ku sake magana, don rashin tsayar da ranar ne yake barin takarda tana yawo ba mai ita.

In ta ce sai gaba, tambaye ta wane wata ne ya dace ka dawo, ka rubuta, ka dawo a watan ba kafinsa ba. In kuma ta ce sun ba wani aikin, yi mata godiya da ta faɗa maka, ka yi musu fatan alheri, kar ka kushe wanda aka ba. Kana iya tambaya sau ɗaya me ya sa suka zaɓe shi, ka ce don ka gyara naka ne, in ta faɗa ka karɓa ba gardama. Irin wannan aikin yawanci yarjejeniyar shekara ake yi, to tambaye ta ko za ka iya gaishe ta wata biyu kafin lokacin sabuntawa, in ta yarda ka sa ranar a kalanda.